Ƙyallen da ke wuyan riga: yadda ake karanta alamomin wanki

Jama'a masu sauraronmu a Manhyia da Alabar da Sabon Zongo da Aboabo da Asawase, da duk inda muryarmu ta kai, barkanmu da war haka.

Kafin mu shiga magana ina roƙon kowa ya jawo riga ɗaya kusa da shi, musamman irin wadda aka sayo a wajen masu fos a Kejetia, wato gwanjo. A juya cikinta waje, a duba bayan wuya. In babu komai a nan, a bi ɗinkin gefen hagu har zuwa ƙasa. Za a tarar da wani ɗan farin ƙyalle mai ƙananan zane a jere. Da yawa daga cikinmu almakashi muke sa masa tun ranar farko saboda yana sosa fata. To yau a kansa shirinmu zai tsaya, domin masu yin rigar ne suka rubuta a jikinsa iyakar abin da za ta iya ɗauka na ruwan zafi, da cuɗa, da rana, da dutsen guga.

Zanen nan tsari ne da aka yi yarjejeniya a kansa. Wata ƙungiya mai suna GINETEX, wadda aka kafa a birnin Paris a 1963, ita ce ta tsara alamomin, daga baya a 1991 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta mayar da su ƙa'ida mai lamba ISO 3758. Shi ya sa riga daga Ingila, da wando daga Sin, da siket daga Jamus, duk suka sauka a tashar Tema cikin dila guda, za ka ga zanensu kusan iri ɗaya ne. Guda biyar ne manya, kuma a jere suke zuwa kamar yadda aikin yake tafiya: baho na wanki, sai mai kusurwa uku na bilic, sai mai kusurwa huɗu na shanya, sai dutsen guga, sai da'ira ta masu wankin kamfani. Duk wadda aka soke da gicciye a cikinsu, an ce kada a yi ke nan.

Sai dai akwai wani abu da nake so mu riƙe tun daga nan. Waɗanda suka tsara alamomin nan injin wanki suke hange, da injin busarwa, da dutsen guga na lantarki mai maɓallin rage zafi. Mu kuwa a yawancin gidajen Zongo baho ne da bokiti da sabulun sanda, da igiya a tsakar gida, in wuta ta ɗauke kuma a hura gawayi a dutsen guga. Saboda haka sanin sunan alama bai wadatar ba. Sai mun san abin da take nufi a bakin famfo da kan tabarmar guga. Abin da za mu yi ke nan.

Mu fara da baho. Yawanci za ku ga lamba a cikinsa: 30, ko 40, ko 60, wani lokaci 95. Lambar nan zafin ruwa ne a ma'aunin Salshiyas, kuma iyaka ce. Ba cewa aka yi dole sai ruwa ya kai haka ba. Cewa aka yi kada ya wuce. Riga mai 60 za ta wanku a ruwan sanyi lafiya lau. Riga mai 30 kuwa, in ta shiga ruwan 60, tana iya tsukewa, ko ta zuba, ko ta saki.

Yaya za a san zafin ruwa ba tare da ma'auni ba? Jikin mutum yana wajen digiri 37. Ruwan 30 idan ka sa hannu ba za ka ji ɗumi ba, ba kuma za ka ji sanyi mai tsinka jiki ba. Ruwan famfonmu na Kumasi, wanda ke zuwa daga Barekese da Owabi, yawanci bai kai haka ba, don haka riga mai 30 ba ta da matsala da shi. Ruwan 40 shi ne mai ɗumin da ake yi wa yaro wanka. Ruwan 60 hannu ba ya iya zama a ciki. In ana son a haɗa da gwangwani, lissafin mai sauƙi ne. Gwangwani 1 na tafasasshen ruwa a kan gwangwani 4 na ruwan famfo yana ba da kusan 40. Rabi da rabi yana ba da 60 da ɗan ɗoriya. A kuma kula da ruwan baƙin tankin roba da ya wuni a rana, domin da la'asar yakan yi ɗumi sosai. Kayan da ba sa son zafi, a wanke su da safe.

Wasu rigunan, musamman waɗanda suka fito daga Amurka da Kanada, ba lamba a bahonsu, ɗigo ne. Ɗigo 1 yana nufin 30, ɗigo 2 yana nufin 40, ɗigo 3 yana nufin 50, ɗigo 4 yana nufin 60. Abin da za a riƙe kawai shi ne, a duk alamomin nan, yawan ɗigo yawan zafi.

Ina amfanin ruwan zafin, tunda na sanyi ma yana wankewa? Yana da amfani a wurare biyu. Maiƙo, irin manja da man gyaɗa da dattin wuyan riga, ya fi saurin fita a ruwa mai ɗumi. Sannan zanin gado da tawul da kayan ciki na auduga da aka sayo a fos, in ƙyallensu ya ce 60, a ba su 60 ɗin a wankin farko, domin ba mu san jikin da suka fito ba, ba mu san tsawon zamansu a dila ba. Amma jini da ƙwai da madara akasin haka suke. Ruwan zafi dafa su yake yi a cikin zare, tabon ya zauna. Su ruwan sanyi ake fara ba su, ko da rigar mai 95 ce.

Yanzu a dubi ƙarƙashin bahon. Wani babu komai, wani akwai layi ɗaya a kwance, wani layi biyu. Wannan ɗan layin shi aka fi rainawa, kuma a ganina shi ya fi lambar muhimmanci a wajenmu, tunda ruwanmu dama mai sanyi ne, amma hannunmu mai ƙarfi ne. Layin magana yake a kan cuɗa. A injin wanki, layi ɗaya yana nufin a rage juyawa, a rage kaya, a sassauta matsewa. Layi biyu kuwa a sassauta matuƙa. A baho ga fassararsa. Babu layi, a cuɗa yadda aka saba. Layi ɗaya, a cuɗa a hankali, ban da buroshi, ban da bugawa a kan siminti, ban da murɗewa. Layi biyu, ba a cuɗawa sam, sai dai a riƙa dannawa ana sakewa a cikin kumfa.

Akwai kuma baho mai hannu a ciki. Wani zai ce ai mu dama da hannu muke wanki, to wannan tamu ce. A nan ake yin ɓarna. Wankin hannun da alamar ke nufi shi ne mafi laushin wanki duka: ruwa kada ya wuce 40, a danna a sake, ban da dirza, ban da murɗa, ban da barin kaya su kwana a jiƙe. Wankinmu na ranar Asabar, wanda ake kama wuyan riga da hannu biyu a dirje har sai ya yi ƙara, ya fi injin wanki wahalar da zare.

Bari mu ɗauki riga ɗaya mu bi ta daga farko har ƙarshe. Hunturu ya kusa, uwa ta shiga Kejetia ta sayo wa ɗanta suwaita mai kauri, mai laushi. Ta juya ƙyallen. A sama an rubuta kalma mai haruffa huɗu, W, O, O, L, wato ulu, gashin tumaki. A ƙasa ga alamomi: baho mai hannu, mai kusurwa uku an soke, mai kusurwa huɗu da layi ɗaya a kwance a ciki, dutsen guga mai ɗigo biyu, da'ira mai harafin P.

Me ya sa aka ce hannu? Kowane silin ulu, in aka duba shi da madubin likita, yana da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi. Idan ya jiƙe da ruwa mai zafi da sabulu mai kaifi, ɓawon nan sai ya buɗe. In aka cuɗa a wannan hali, sili ya shige cikin sili su sarƙe, kuma ba sa warwarewa har abada. Shi ya sa suwaitar babba ke fitowa daga baho ta zama ta ɗan shekara bakwai, ta yi tauri, saƙarta ta toshe har ba a ganin idonta. Da zarar ta kai nan, babu ja ko guga da zai dawo da ita. Alamar farko tana nunawa tun a cikin ruwa: in kika ji rigar ta fara kauri a hannunki, gashinta yana dunƙulewa, ki tsaya nan take.

Ga yadda za ta wanke ta. Ta cika baho da ruwan famfo, isasshe yadda rigar za ta nutse. Kada ta goga mata sabulun sanda, kada kuma ta barbaɗa garin sabulu kai tsaye, domin dukansu suna da kaifin da ulu ba ya so, kuma wasu garin sabulun suna ɗauke da sinadarin da aka yi don ya cinye tabon jini da nama, wanda ba ya bambanta tabo da gashin tumaki. Cokali ɗaya na shamfun gashi ya isa, a narkar da shi a ruwan tukuna. Ta juya rigar ciki waje, ta nutsar, ta riƙa dannawa da tafin hannu na 'yan mintuna. Wurin da ya yi datti, kamar bakin hannu, ta matsa shi tsakanin yatsu. Sai ɗauraya sau biyu ko uku, da ruwa mai sanyi ɗaya da na wankin, domin sauya ruwa daga ɗumi zuwa sanyi kwatsam shi ma yana taimaka wa sarƙewar. In za ta ɗaga rigar, ta tallabo ta daga ƙasa da hannu biyu, kada ta kama kafaɗa ta ja. Ta danne ruwan a jikin baho, ta shimfiɗa ta a kan tawul, ta naɗe su tare, ta danna. Tawul zai sha mafi yawan ruwan.

Mun zo kan mai kusurwa huɗu, wato shanya. Layi a kwance a ciki yana nufin a shimfiɗe. Dalili kuwa nauyi ne: saƙaƙƙiyar riga in ta sha ruwa takan yi nauyi sosai, in aka rataye ta a igiya ruwan ya taru a ƙasa ya ja ta, hannuwa su yi tsawo, wuya ya buɗe, wurin maƙalin shanya ya bar ƙaho biyu a kafaɗa. Sai a shimfiɗa busasshen tawul a kan tebur ko tabarma, a inuwa mai iska, a kwantar da rigar a gyara mata siffa da hannu, in saman ya sha iska a juya ta.

Sauran alamomin shanya ba su da wuya. Layi a tsaye yana nufin a rataye a igiya ko hanga. A kayan Amurka da tsofaffin kaya za a ga wani lanƙwasasshen layi a saman akwatin maimakonsa. Layuka biyu ko uku a tsaye, a rataye da ruwanta ba tare da an matse ba. Da'ira a cikin akwatin ta injin busarwa ce, wanda ba shi da injin ba ruwansa da ita. Wadda ta shafe mu ƙwarai ita ce ɗan layi a karkace a kusurwar sama ta hagu, wani lokaci guda biyu. Wannan inuwa ake nufi. Ranarmu tana cin launi, tana kuma raunana siliki da nailan. Baƙar abaya da aka bari a igiya daga hantsi zuwa la'asar, mako bayan mako, za a ga kafaɗunta sun koma ja-ja, alhali ƙasanta yana nan baƙi. Ko babu wannan alamar, kaya masu duhu a juya cikinsu waje, a kwashe su da zarar sun bushe. A damina kuma, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Satumba da Oktoba, inuwa tana da nata haɗarin: kayan da suka kwana biyu da laima sukan yi fumfuna, ƙananan baƙaƙen ɗigo da wari. Inuwar da ake nufi ita ce baranda mai iska. Ɗaki a rufe ba zai yi ba.

Na tsallake mai kusurwa uku da gangan, don ina so in ɗan daɗe a kansa. Shi ne na bilic, ruwan nan mai warin kulorin da muke kira farazon. In alamar fanko ce, babu komai a ciki, kowane irin bilic ya halatta. A tsofaffin kaya za a ga haruffa CL a ciki, ma'anarsu kulorin ya halatta. In akwai layuka biyu a karkace a ciki, kulorin ya haramta, sai irin garin nan mai aiki da iskar oksijin, wanda ake rubuta cewa ba ya cin launi. In an soke alamar, ko wanne kada a sa.

Mun ɗauka cewa duk abin da yake fari yana son farazon. Ba haka ba ne. Farar auduga zalla ce take ɗaukarsa, irin zanin gado da likkafani da singileti. Ulu da siliki kulorin cinye su yake yi, su yi rawaya su ruɓe; suwaitar da muke magana a kanta, in ta kwana a ciki, da safe sai dai a tsinci tsumma. Nailan ma rawaya yake yi. Haka duk wani farin kaya mai roba a jikinsa, irin rigar mama da safa da hijabi mai talewa: robar takan mutu, launin ya koma ruwan ƙwai. Abin takaicin shi ne in mace ta ga farin kayanta ya fara rawaya, sai ta ƙara farazon, alhali shi ne ya jawo rawayar tun farko. In an ga fari yana ƙara dafewa bayan kowane bilic, a daina.

Ko a kan audugar ma akwai ƙa'ida. Ba a zuba shi kai tsaye a kan kaya. A surka shi da ruwan sanyi gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jiƙa na ɗan lokaci, minti 10 zuwa 15 sun isa, a ɗauraye sosai. Zanin gadon da ke yagewa da kansa bayan 'yan watanni, ko yake fitar da ƙananan huji, yawanci bilic ne ya yi masa yawa ko ya kwana a ciki. Sannan ina roƙonku don girman Allah, kada a haɗa farazon da ruwan wanke masai, kada kuma a zuba shi a kan ƙyallen jariri mai fitsari ba a ɗauraye ba. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma banɗakunanmu ƙanana ne.

Sai dutsen guga. Ɗigo 1 yana nufin zafi kaɗan, wajen digiri 110, kuma ba tururi. Wannan na nailan ne da akirilik da makamantansu. Ɗigo 2 wajen 150, na ulu da foliyesta da yawancin kayan gauraye. Ɗigo 3 wajen 200, na auduga da lilin. Mai dutsen lantarki ya duba maɓallinsa, ɗigon nan suna nan a jiki. Ya fara da kaya masu ɗigo 1 ya hau sama, domin dutse yana saurin ɗaukar zafi amma yana jinkirin hucewa. Wanda ya gama goge shadda ya rage maɓalli ya ɗora a kan hijabi nan take, ƙarfen yana nan da zafin shaddar.

Mai dutsen gawayi kuwa akasin haka zai yi. Shi dutsensa da zafi yake farawa, yana hucewa a hankali. Ya fara da auduga masu kauri, kayan roba su zo ƙarshe. Hanyar gwaji ita ce a karkata dutsen a ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen bai ƙafe nan take ba, zafin ya kai na ɗigo 3 ko ya wuce, auduga kawai za ta ɗauka. In ya yi cuu ya ɓace nan da nan, ana tsakiya. In yana tafasa a hankali, an sauko kusa da ɗigo 1. Gwajin nan kimantawa ne kawai, don haka a fara taɓa cikin lafin riga, inda ido ba ya gani. In dutsen yana ɗan kamawa, ba ya sulɓi, a ɗaga.

Me ke faruwa in zafi ya yi yawa? Auduga ƙonewa take yi, ta yi ja-ja, kuma takan ba da wari kafin ta lalace. Foliyesta da nailan ba sa gargaɗi, domin su dangin roba ne, laushi suke yi su narke. Kafin su huje, saman zaren yakan baje ya yi ƙyalli. Wannan shi ne sheƙin da kuke gani a kan baƙin wando, da aljihun jallabiya, da ɗinkin yunifom na 'yan makaranta, kuma a kan kayan roba ba ya fita, tunda zaren ne ya sauya siffa. Maganinsa tun kafin ya faru ne: a goge ta ciki, ko a shimfiɗa farin ƙyallen auduga tsakanin dutse da riga. Suwaitarmu mai ɗigo 2 ma haka za a yi mata in ta buƙaci guga: ƙyalle mai ɗan laima a kai, a ɗora dutse a ɗaga, ba a jan sa.

Da'ira ita ce ta ƙarshe, kuma saƙo ne zuwa ga masu wankin kamfani, waɗanda ke wanki da sinadari maimakon ruwa. Harafin P ko F da ke ciki yana gaya musu irin sinadarin da za su yi amfani da shi, W kuma wankin ruwa ne na ƙwararru. Ba sai kun haddace ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ganin da'ira kaɗai bai hana wanki a gida ba. Suwaitarmu tana da P, kuma mun wanke ta a baho, domin bahonta yana da hannu. Abin da ke hana ruwa shi ne baho da aka soke. In kun ga sokakken baho tare da da'ira mai harafi, to ku ɗauki maganar da gaske, musamman a kan kwat. Gaban kwat yana da wani ƙyalle a ciki da aka manna da gam don ya tsaya. In ya sha ruwa, na ciki da na waje kowanne ya tsuke gwargwadonsa, gam ya saki, ƙirjin kwat ɗin ya yi ƙuraje-ƙuraje da guga ba ta kwantarwa. Don haka shawarata ga mai saye ita ce ya karanta ƙyallen tun yana gaban mai kaya, kafin a yi ciniki. Kwat mai araha da sai an kai ta kamfani duk lokacin da ta yi datti, kuɗin wankinta zai wuce kuɗinta. Wanda ya riga ya saya, ya riƙa kakkaɓe ta da buroshi mai laushi, ya rataye ta ta sha iska bayan kowace sawa, ya goge tabo da ɗanyen ƙyalle, sai ta daɗe ba ta nemi wanki ba.

Akwai wani yadi da ya kamata in ambata, domin ya cika dilolin kayan mata: biskos, wanda wasu ke rubutawa rayon. Yana da sanyi a jiki, yana zubowa da kyau, ana ɗaukarsa auduga. Bambancinsa shi ne in ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Doguwar rigar da ta yage a hammata wajen murɗewa, ko ta fito daga wanki ta gajarce, sau da yawa biskos ce. Za ku ga bahonta da 30 da layi a ƙasa, wani lokaci har da zanen murɗaɗɗen ƙyalle da aka soke, wato kada a murɗe. A danne ruwanta, a rataye a hanga, a goge ta ciki tana da sauran laima, tsawonta yakan dawo.

To kayanmu na gida fa, waɗanda tela ya ɗinka, babu ƙyalle ko ɗaya a jikinsu? Wanda ya fahimci dalilan da muka kawo zai iya rubuta musu alamominsu da kansa. Atamfa auduga ce, tana ɗaukar dutse mai zafi, amma launinta ba ya son farazon, ba ya son doguwar jiƙa, ba ya son tsayawa a rana. Sabuwa a gwada ta tukuna: a jiƙa farin ƙyalle a danna a cikin lafi, in ya ɗauki launi to tana zuba, a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi. Shadda mai sheƙi, ruwan zafi da dirza suna kashe mata ƙyalli, shi ya sa masu ita ke wanke ta sama-sama su kai wa masu bugu. Batakari irin na Daboya, wanda aka rina da baba, zai zuba a wankin farko da na biyu, kuma yana da nauyi in ya jiƙe: ruwan sanyi, shi kaɗai a baho, dannawa ba cuɗa ba, a ninka shi a kan igiya biyu a inuwa don kada nauyinsa ya ja ɗinkin ƙwaryoyin. Kenten Bonwire kuwa, irin wanda ake fitowa da shi ranar Akwasidae a fadar Manhyia, yawancin na yau da zaren rayon da auduga ake saƙa shi, ƙwarya-ƙwarya aka harhaɗa. Ba kayan baho ba ne. A shanya shi ya sha iska a inuwa bayan an sa, a goge tabo a wurinsa, in guga ta kama a yi ta baya da ƙyalle a tsakani.

In ƙyallen rigar fos yana sosa wuya har ba a iya haƙuri, a ɗauki hotonsa da waya kafin a yanke, kuma a yanke shi ɗan nesa da ɗinki don kada ɗinkin ya warware.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan tabon manja da na goro da na tsatsa, da abin da ke fitar da kowanne.